Takalmin Da Zai Riƙe Baƙo A Kan Ƙanƙarar Kanada

A ƙarƙashin asibitin Toronto Rehab da ke birnin Toronto na ƙasar Kanada, akwai wani ɗaki da daɓensa ƙanƙara ce zalla. Sunansa WinterLab. An ɗora ɗakin dungurungum a kan inji, yadda za a iya karkata shi kaɗan-kaɗan har daɓen ya koma gangara. Akan ɗaura wa mutum ɗamara a jiki, a maƙala ta da igiya a rufin ɗakin don kada ya kai ƙasa, a ba shi takalmi ya sa, a ce ya hau gangaren ya sauko. In ya wuce lafiya a ƙara karkata ɗakin. Haka za a yi ta yi har ƙafarsa ta zame, sai a rubuta iyakar gangaren da takalmin ya iya riƙewa.

A ƙarshen shekarar 2016 masu binciken wurin, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Geoff Fernie, suka fitar da sakamakon takalman sanyi 98 da ake sayarwa a kantunan ƙasar. Waɗanda suka haye mafi ƙanƙantar matakin da aka gindaya ba su kai goma ba. Sauran, har da masu tsada da masu manyan sunaye da masu zanen ƙasa mai zurfi, duk sun zame.

In 'yan ƙasa da suka tashi cikin ƙanƙara suna sayen takalmin da ba ya riƙe su, ina ga baƙon da ya sauka daga Kano ko Damagaram ko Kumasi, wanda iyakar saninsa da sanyi shi ne hunturun da ke fasa leɓe da dunduniya? Shi da ido yake saye. Yana ganin gashi a bakin takalmi ya ce ɗumi ne, yana ganin haƙora a ƙasansa ya ce riƙo ne, yana ganin an rubuta -40 a kwali ya ce magana ta ƙare. Duk ukun suna iya yaudararsa. Takalmin sanyi aiki biyu yake yi, hana zamewa da tsare ɗumi, kuma kowanne da abin da ke kawo shi. Takalmi yana iya ƙwarewa a ɗaya ya gaza a ɗayan.

Abin da ke riƙe ƙafa

Ma'aunin na Toronto mai sauƙin fahimta ne. Takalmin da ya riƙe mutum a gangare mai digiri 7 yana samun tambarin furen ƙanƙara guda ɗaya. Digiri 7 ba wani tudu ba ne: hawan kimanin santimita 12 ne a kowace mita ɗaya, daidai da ɗan gangaren da ake yi a bakin titi domin keken guragu ya sauka. Mai digiri 11 yana samun fure biyu, mai digiri 15 fure uku. Ana gwadawa a kan busasshiyar ƙanƙara mai tsananin sanyi da kuma wadda ta fara narkewa, a hawa da a sauka, kuma mafi ƙarancin makin da takalmi ya samu a cikin waɗannan shi ake ba shi. Ana buga sakamakon a ratemytreads.com, inda mai saye zai iya duba sunan takalmi kafin ya fitar da kuɗinsa.

Dalilin gwadawa a kan ƙanƙara iri biyu shi ne ba duk ƙanƙara ce santsinta ɗaya ba. Mafi haɗari ita ce wadda ke kusa da sifili, saboda a samanta akwai ɗan siririn ruwa da ke shiga tsakanin takalmi da ƙasa. In sanyi ya yi tsanani ƙwarai, ƙanƙarar kan rage santsi, amma sai wata matsalar ta taso daga takalmin kansa: robar ƙasansa ta sandare. Robar da ke da laushi a cikin kanti tana iya zama tamau a digiri 25 ƙasa da sifili, kuma abu mai tauri ba ya manne wa abu mai tauri. Shi ya sa kambas da takalmin ofis mai ƙasan leda suke cikin mafi muni. Haƙoran nan masu zurfi kuwa amfaninsu a cikin dusar ƙanƙara ne, inda suke nutsewa su sami abin kamawa. A kan daskararren ruwa mai sulɓi ba su da inda za su nutse, hasali ma suna rage faɗin robar da ke taɓa ƙasa.

Takalman da suka haye gwajin 2016 ba zanen ƙasarsu ne ya cece su ba, abin da aka cakuɗa cikin robar ne. Iri biyu suka yi fice. Na farko, mai suna Green Diamond, an zuba wa robarsa ɓarɓashin ma'adinai masu tauri, in mutum ya shafa zai ji kaushi a yatsa. Na biyu, Arctic Grip na kamfanin Vibram, a ido sumul yake, amma an dasa masa ƙananan zaruruwa da ido ba ya gani sosai, su ne ke kartar ƙanƙara su kama ta. Daga baya wasu kamfanonin sun fito da nasu, kamar IceFX da kantunan Mark's ke sayarwa, kuma yawan takalman da ke hayewa ya ƙaru.

Shin wannan yana aiki a titi, ko a ɗakin gwaji kawai? Masu binciken sun bi ma'aikatan jinya 110 masu zuwa gida-gida kula da marasa lafiya a lokacin sanyi. An ba wasu takalmin da ya haye gwajin, wasu suka ci gaba da nasu. Waɗanda aka ba sabon takalmin faɗuwarsu ta yi ƙasa da ta sauran da kusan kashi 78 cikin ɗari. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne a ƙasar da, a shekarar 2016 zuwa 2017 kaɗai, kusan mutum 9,000 aka kwantar a asibiti saboda faɗuwa a kan ƙanƙara. Yawanci wuyan hannu ne ke karyewa, domin da hannu mutum ke tare ƙasa, sai idon sawu, sai ƙugu ga tsofaffi.

Amma fasahar tana da iyaka, kuma masu talla ba su cika faɗa ba. Zaruruwan da ɓarɓashin suna cinyewa, musamman ga mai yawan tafiya a kan busasshen siminti da yashin da hukuma ke watsawa. Takalmin da ya riƙe mai shi a sanyin bana ba lallai ya riƙe shi haka a na baɗi ba. Sannan in siririyar dusa ta rufe ƙanƙara, robar ba ta ma taɓa ƙanƙarar balle ta kama ta. Wannan ne tarkon da ya fi kama baƙi: fari tas a sama, sulɓi a ƙasa.

Akwai masu ɗaura wa takalmi wata roba mai ƙusoshi ko murɗaɗɗiyar waya a ƙasa. A kan ƙanƙara zalla ba abin da ya kai ta riƙo, har wasu ƙananan hukumomin Suwidin sun riƙa raba ta kyauta ga tsofaffi. Sai dai da zarar an shiga kanti ko tashar mota mai daɓen tayil, ƙarfen ne zai zame da mutum. Dole a cire ta a bakin ƙofa, a mayar in za a fita, kuma ba a tuƙa mota da ita. Mai shiga da fita sau goma a yini zai gaji ya jefar.

Ƙafar da ta saba da zafi

Batun ɗumi ya fi shafar baƙo kai tsaye, don ba jikin kowa ne ke amsa sanyi iri ɗaya ba. In sanyi ya kama mutum, jiki yakan tsuke jijiyoyin jinin hannu da ƙafa domin ya tara ɗumi a ƙirji da ciki. Bayan wasu mintuna jijiyoyin kan ɗan buɗe, jini mai ɗumi ya kai ga yatsu, su sake tsukewa. Wannan buɗewar ce ke kare yatsu, kuma bincike ya nuna takan yi jinkiri ko rauni ga yawancin mutanen da asalinsu Afirka ne.

Sojoji ne suka fi tattara alƙaluma a kan haka. Wani nazari a kan rundunar Amurka daga 1980 zuwa 1999 ya gano cewa baƙaƙen sojoji maza sun ninka farare kusan sau huɗu wajen kwanciya asibiti saboda raunin sanyi. Wani da aka buga a 2009 a kan rundunar Birtaniya, wadda ke ɗaukar samari daga ƙasashe irin su Gana, ya sami ninki kusan talatin. Ba duka ba ne daga halitta, akwai rashin sabo da rashin sanin alamomi. Amma ma'anarsa ga mai sayen takalmi a fili take: in abokin ajinsa ɗan Manitoba ya ce shi da wannan ɗan takalmin yake cinye sanyi, gaskiya ya faɗa game da ƙafarsa, ba game da ƙafar Bakano ba.

Mutanen Manitoba ba su manta da daren jajiberin Kirsimetin 2016 ba, lokacin da wasu 'yan Gana biyu masu neman mafaka suka tsallako da ƙafa daga jihar North Dakota ta Amurka zuwa kusa da garin Emerson. Sun shafe sa'o'i cikin dusa da kayan da ba na wurin ba. Sun rayu, amma likitoci a Winnipeg sun yanke musu yatsun hannu.

Akwai kuma mutum biyu da ya kamata su ninka hattara. Mai ciwon suga, wanda jijiyoyin ƙafarsa suka fara mutuwa, ba zai ji gargaɗin zafin da sanyi ke fara yi ba. Mai sikila kuwa sanyi yana cikin abubuwan da ke tayar masa da ciwo.

Lambobin da ke jikin kwali

Takalmi ba ya ƙirƙirar zafi. Kamar kular abinci yake: in an zuba mai zafi ta riƙe, in an zuba mai sanyi haka za a same shi. Jini ne ke kawo ɗumin, aikin takalmi ya hana shi gudu, kuma abin da ke hana shi gudu iska ce da ke tsare a tsakanin zaruruwa. Ulu, gashin dabba, auduga ta roba, duk dabara ɗaya ce ta kama iska a hana ta motsi. Daga nan abokan gaba biyu suke fitowa. Matsi yana korar iskar, ya kuma danne jijiyar jini. Ruwa yana maye gurbin iskar, kuma ruwa ya fi iska saurin janye zafi kusan sau 25.

A jikin takalma da yawa za a ga an rubuta 200g ko 400g, sau da yawa tare da sunan Thinsulate, abin rufin da kamfanin 3M ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1970. Lambar ba nauyin abin da ke cikin takalmin ba ce, nauyin murabba'in mita ɗaya ne na abin rufin. Mai 200 ya dace da wanda ke tafiya ba tsayawa. Mai 400 na wanda zai tsaya jiran mota cikin tsananin sanyi ne. Daga 600 zuwa sama na masu zama wuri ɗaya ne tsawon sa'o'i, irin masu kamun kifi ta ramin da suka huda a daskararren tafki.

Ita kuwa lambar -30 ko -40 a kwali, ba wata hukuma ce ta tilasta hanya ɗaya ta auna ta ba. Kowane kamfani da nasa lissafin, kuma galibi sun ƙaddara mai takalmin yana motsi, ƙafarsa a bushe, safarsa ta kirki. Ko ma'aunin Turai na takalman aiki, wanda ke ba da alamar CI, abin da yake cewa kaɗan ne: an ajiye takalmin minti 30 a digiri 17 ƙasa da sifili, zafin cikinsa bai faɗi fiye da digiri 10 ba. Minti talatin kenan, ba yini ba. Mai hankali zai ɗauki lambar kwali a matsayin hanyar kwatanta takalma biyu na kamfani ɗaya, ba alkawari ba.

Ɗalibi a Winnipeg, watan Janairu

A ɗauki misalin saurayin da ya sami gurbi a Jami'ar Manitoba, inda ɗaliban Najeriya suke da yawa, aka ce ya fara a zangon Janairu. Ya baro Kano da asubar da ake kuka da digiri 12, ya sauka a garin da matsakaicin sanyin watan yake kusan 16 ƙasa da sifili, dare kuma ya wuce 20. Ya kama ɗaki a gefen titin Pembina. Kullum zai yi tafiyar minti goma zuwa tasha, ya tsaya jiran bas wani minti goma ko sha biyar, ya zauna awa uku a aji mai ɗumin digiri 21, da yamma ya maimaita.

Ƙila ya zo da takalmin gwanjo daga Ƙofar Wambai. Zai fitar da shi daga filin jirgi zuwa mota, kuma ya fi kambas nesa ba kusa ba. Amma tsohuwar roba ta riga ta bushe, rufin ciki ya kwanta saboda ƙafar mai shi na farko, don haka a makon farko sai ya shiga kanti.

Da yamma ya kamata ya je, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, kuma ya tafi da safar da zai riƙa sawa, mai kauri ta ulu. Kafin ya ɗaure igiya, ya tura ƙafarsa gaba har yatsu su taɓa, ya gwada zura yatsan hannu ɗaya a bayan dunduniya. In bai shiga ba, takalmin ya yi kaɗan. Bayan ya ɗaure, yatsun ƙafa su iya rawa a sake, amma dunduniya kada ta riƙa ɗagowa in yana tafiya, don ƙafar da ke yawo cikin takalmi ba ta jin ƙasa da kyau. Yawanci wannan yana kai mutum ga rabin lamba ko lamba ɗaya sama da wadda ya saba. A nan baƙi suka fi yin asara: su sayi daidai ƙafa, sanyi ya dame su, su ƙara safa ta biyu da ta uku, takalmin ya matse, ƙafar ta fi da sanyi.

Sai ya juya takalmin ya duba ƙasa. Ya danna robar da farce ya ji ko tana da laushi, ya nemi tambarin ɗaya daga cikin fasahohin riƙon nan, ya duba sunan takalmin a jerin na Toronto. Ya duba kaurin tafin kuma, domin mai tsayuwa a tasha ta ƙasa yake asarar zafi mai yawa: daskararren siminti yana zuƙe shi kai tsaye. Shimfiɗar ciki ta matsattsen ulu tana taimakawa ƙwarai, da sharaɗin akwai wurin da za ta shiga ba tare da matsi ba. Tsawon takalmin ya wuce idon sawu sosai, harshensa a ɗinke da gefe, don dusar da aka ture bakin titi takan kai ƙwauri, kuma duk wadda ta faɗa ciki ruwa za ta zama.

Yanzu ga zaɓin. A gabansa akwai babban takalmi irin wanda kamfanonin Sorel da Kamik da Baffin suka shahara da shi: ƙasa roba, sama fata ko yadi, ciki kuma wata jakar ulu da ake zarewa. Yana da ɗumi, jakar tana bushewa da wuri, amma yana da nauyi, kuma ba kowanne ne ke da riƙo a kan sulɓi ba. Akwai kuma mai sauƙi mai igiya, mai 200 ko 400, da yawansu da tafi mai zaruruwan nan. Ga wannan ɗalibin, mai tsayuwar kwata a tasha kuma sabon zuwa, mai 400 da tafin da ya haye gwaji ya fi dacewa. Da Toronto aka tura shi, inda sanyi ke yawo kusa da sifili, gishiri yana narkar da dusa ta zama caɓi, ruwan sama yana daskarewa a kan titi, da mai 200 ya ishe shi, sai ya mayar da hankali kan hana shigar ruwa da riƙo a jiƙaƙƙiyar ƙanƙara. Kuɗin ba kaɗan ba ne, takalmin kirki kan tashi daga dalar Kanada 150 zuwa sama, amma wanda zai rage wani abu gara ya rage a kan kwalliyar riga.

In ya sami aikin sito ko na gini da ake buƙatar takalmin kariya, zai ga koren tambari mai kusurwa uku a jiki. Wannan yana nufin an kare yatsu daga abu mai nauyi da tafi daga ƙusa, bai ce komai game da sanyi ba. In da hali ya zaɓi wanda murfin yatsunsa ba na ƙarfe ba ne.

Sayen ya ƙare, saura zaman yau da gobe, kuma a nan gumi ke shigowa. Ƙafa tana cikin sassan jiki mafi yawan gumi. Awa uku a aji da takalmi mai 400 sun isa su jiƙa safa ba tare da mai ita ya lura ba, sai ya fito da yamma ya ji sanyi ya soke shi a yatsu, ya ɗora laifin a kan takalmin. 'Yan ƙasa sun daɗe da warware wannan: ma'aikaci yana da takalmin ofis a ƙarƙashin tebur, yaran makaranta suna da na cikin aji. Wanda ba zai iya ɗaukar takalmi biyu ba ya sa safa ta biyu a jaka, ya canza kafin ya fita. Safar auduga kuwa a bar ta a akwati har bazara, don tana shan gumi ta riƙe shi a jikin fata, alhali ulu yana tsare ɗumi ko ya ɗan jiƙa.

Musulmi yana da ƙarin wuri ɗaya da ruwa ke shiga masa, wato alwala. Wanke ƙafa a makaranta a azahar, a zura ta da danshi cikin safa, a fita cikin 25 ƙasa da sifili, neman rauni ne. Ƙaramin tawul a jaka ya wadatar, a goge har tsakanin yatsu. Da yawa kuma sukan koma ga shafa a kan huffi, wanda sharuɗɗansa suna nan a littattafan fiƙihu kuma limaman can sun saba da tambayar. Mai sa huffi ya tuna da kaurinsa tun a wurin gwajin takalmi. Bakin ƙofar masallaci ranar Juma'a, inda dusar ɗaruruwan takalma ta narke a kan daɓe, shi ma wurin jiƙa safa ne.

Da dare a zare jakar ciki ko shimfiɗar, a sassauta igiya, a buɗe bakin takalmin ya sha iska. Ana iya cusa masa tsohuwar jarida ta zuƙe danshi. Ɗora shi a kan hita yana busar da fata ta tsage, ya kuma saki gam ɗin da ke riƙe tafin.

Yadda ake gane an shiga haɗari

Hukumar yanayi ta Kanada tana ba da lamba biyu kowace safiya: sanyin iska kansa, da yadda fata za ta ji shi in an haɗa da kaɗawar iska. In ta biyun ta kai tsakanin 28 da 39 ƙasa da sifili, fatar da ke buɗe tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Daga 40 zuwa 47, minti 5 zuwa 10 ne. Ƙafar da ke cikin takalmi iska ba ta dukanta kai tsaye, amma in sauran jiki ya yi sanyi, jinin da ke zuwa mata ne ake fara yankewa. Don haka hula da rigar kirki suna cikin maganin sanyin ƙafa.

Alamar farko zafi ne da tsikari a yatsu. Wannan gargaɗi ne mai amfani: a motsa yatsu, a yi tattaki a tasha maimakon tsayawa cak, a shiga kanti mafi kusa. Abin tsoro shi ne zafin ya ɗauke ba tare da an shiga ɗumi ba. Mutum zai zaci ya saba, alhali ƙafar ce ta daina ji. Takardun gargaɗi da yawa suna cewa a duba ko fata ta yi ja ko fari, bayanin da aka rubuta da farar fata a zuciya. A baƙar fata wurin yakan yi toka-toka ko ya koɗe, ya yi sheƙi, in an danna a ji shi da tauri. Taɓawa ta fi kallo faɗin gaskiya.

In haka ta faru, ba a murza wurin, ba a goga masa dusa, ba a kara shi a wuta ko hita, saboda fatar da ba ta ji za ta ƙone mai ita bai sani ba. Ruwa mai ɗumin digiri 37 zuwa 39 ake sa ƙafar a ciki, wanda gwiwar hannu za ta jure ba tare da ƙuna ba. Dawowar jini tana da zafi sosai. In akwai yiwuwar ƙafar ta sake daskarewa kafin a kai ga mafaka, gara a bar ta yadda take, don narkewa da sake daskarewa ya fi ɓarna. Tauri mai zurfi, bororo, ko rashin dawowar ji, duk na asibiti ne a ranar, domin magungunan da ke ceto yatsu sun fi aiki a sa'o'in farko.

Akwai kuma raunin da ba ya buƙatar daskarewa sam. Ƙafar da ta yini a jiƙe cikin sanyin da bai kai sifili ba, ko da digiri 5 ne ko 10, jijiyoyinta na iya lalacewa, ta bar mutum da raɗaɗi da rashin jure sanyi na watanni ko shekaru. Shi ne ya addabi sojojin ramuka a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma shi ne ya fi yawa a cikin sojojin Birtaniya 'yan Afirka. Mai raba kaya gida-gida a Toronto ko Landan da jiƙaƙƙen kambas yana cikin layinsa.

Ɗalibin na Winnipeg zai ga watan Maris ya zo, rana ta fara ɗumi, abokai sun fara ajiye manyan riguna. A lokacin ne titunan suka fi santsi, don dusa tana narkewa da rana, ruwan ya kwanta a kan hanya, dare ya daskarar da shi ya zama siririn gilashin da ba a gani a kan baƙar kwalta. Takalmin zai ci gaba da aiki har cikin Afrilu, tare da gajeren taku, tafin ƙafa gaba ɗaya a ƙasa, hannaye a waje da aljihu. In lokacin ajiyewa ya yi, a goge farin tabon gishiri da ruwan da aka ɗiga wa ruwan tsami na kanti, a bar shi ya bushe a inuwa, a shafa wa fatar mai. A watan Oktoba kuma, kafin dusar farko, a juya shi a shafa dunduniya da gaban tafin. In kaushin ya tafi, wurin ya koma sumul yana sheƙi, saman takalmin zai iya ƙara shekara biyu yana ba da ɗumi, amma tafin ya daina riƙo, kuma sai an sake shi ko a nemo robar ƙusoshi a ɗaura masa.